Ciwon kai idan na yi tari ko na ɗaga nauyi

"Ina dako a kasuwar Muda Lawal. Duk na ɗaga buhu ko na yi tari, sai ƙeyata ta sara kamar an buga guduma. Sai na yi hoton ƙwaƙwalwa?"

Sannu ɗan'uwa. Tari da yunƙuri, har nishin bayan gida, suna matse ƙirji da ciki, jini ya taru a jijiyoyin kai, matsin cikin ƙoƙon kai ya tashi farat ɗaya. Shi ne sarawar. Mara haɗari yakan lafa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 40. Ciwon kai na gudu ko ƙwallo daban ne, yakan yi bugu na sa'o'i, musamman a zafin Afrilu in ba a sha ruwa ba.

Amma naka a ƙeya yake, shi ya sa zan ce ka ga likita, a yi hoton MRI. Wani lokaci ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke zamewa cikin ramin gindin ƙoƙon kai, ana ce masa Chiari, kuma farasitamol ɗin kemis ba ya gyara wannan. Ɗaya hoton ƙwaƙwalwar, wato CT, bai cika nuna shi sosai ba.

In kuwa ya sara maka mafi tsanani a rayuwarka cikin minti 1, da amai, sanƙarewar wuya, gani bibbiyu ko mutuwar hannu, ajiye buhun, a kai ka asibitin koyarwa nan take. Jijiyar jini ce wataƙila ta fashe a cikin kai, a nan CT ake fara yi.