An sauke min bidiyo, na yi afil, har yanzu shiru

Tambaya: Salam 'yan uwa. YouTube sun sauke min bidiyo ranar Asabar, na danna afil, yau kwana huɗu ko tari ba su yi ba. Don Allah waɗanda abin ya taɓa faruwa da su, matakan nawa ne, kuma kwana nawa ake jira?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Kafin a fara lissafin kwanaki koma ka buɗe imel ɗin da suka turo maka ranar, ka karanta layin farko da kyau, don abin da muke haɗawa mu kira afil hanya biyu ce daban kuma jiransu ba ɗaya ba ne. Idan ka ga Community Guidelines to su da kansu ne suka ce ka karya musu doka. Idan kuma ka ga copyright removal request, wani mutum ne ya kai ƙararka ya ce kayansa ne, su kawai bin doka suka yi suka sauke. Ni duk biyun sun taɓa samu na, bari in ba ka yadda kowanne ya kaya.

Na farkon ya fi sauƙi. Ka shiga YouTube Studio, a Dashboard za ka ga Channel violations, ko ka je Content ka duba gaban bidiyon a ƙarƙashin Restrictions, nan za su nuna maka dokar da suka ce ka taka, wani lokacin har da mintin da matsalar take, sai ka danna Appeal ka rubuta bayaninka. Shi ke nan, babu wani mataki a bayan wannan, dama ɗaya tak kake da ita a kan kowane hukunci. Shi ya sa nake jin takaicin mutanen da za su buɗe akwatin nan cikin fushi su rubuta "ban yi komai ba ku dawo min da bidiyona" su tura, sun ƙona damarsu a banza. Wanda zai duba ba lallai ya ji Hausa ba, kai ne za ka gaya masa me ke faruwa a minti kaza, me aka faɗa, don me aka nuna shi.

Nawa na layya ne. Na ɗauki yadda ake fiɗa da rabon nama a gidanmu, na bar wajen yankan a fili kamara dab da wuya, jini na tsartuwa, gaskiya laifina ne don ko ni da na sake kallo sai da na ce wannan ya yi yawa. Gargaɗi suka ba ni tunda shi ne karon farko. Na rubuta musu cewa ibadar babbar salla ce, bidiyon na koyar da fiɗa ne, na ba su mintin. Na tura da daddare, washegari bayan la'asar amsa ta zo: sun mayar da bidiyon amma sun sa masa shingen shekaru, sai ɗan 18 zuwa sama zai kalla. Dama sakamakon uku ne, ko su mayar su goge hukuncin, ko su mayar da shingen shekaru, ko su ce suna nan a kan bakansu. Abin da na gani a kaina da abokan da muke harkar tare, amsar irin wannan afil ɗin takan zo daga 'yan awanni zuwa kwana biyu uku, akwai wanda nasa ya haura sati, saboda haka kwana huɗu bai kai a ce an manta da kai ba. Ka dai riƙa duba Spam don amsar kan faɗa can.

Amma ka sani jiran afil ba ya dakatar da hukunci. Idan sitiraik ne ba gargaɗi ba, na farko sati ɗaya ba ka ɗora komai, na biyu a cikin kwana 90 sati biyu, na uku a cikin kwana 90 ɗin su rufe tashar. Wani lokacin ma satin zai kusa ƙarewa kafin amsa ta zo. Kuma don girman Allah kar ka goge bidiyon daga Studio wai ko za su huce, gogewa ba ta cire sitiraik, ƙofar afil ɗin kawai ka rufe wa kanka. Sake ɗora shi da wani suna ma neman sitiraik na biyu ne.

To na kofirait shi ne mai dogon labari, shi ne kuma ya sha ni.

A 2024 na je marinar Ƙofar Mata a Kano na yini ina ɗauka, tun daga yadda ake haɗa baba da toka da katsi a cikin rijiyar har zuwa wajen bugu. Wani da muka saba ya roƙe ni in tura masa 'yan guntaye ya gani, na tura masa ta WhatsApp da zuciya ɗaya, ni kuma na yi ta jan ƙafa wajen editin kusan wata guda. Ashe shi har ya haɗa ya ɗora a tasharsa. Da na ɗora nawa daga baya sai ya zama a idon na'ura shi ne na farko ni ne mai kwafa, shi kuma bai yi wata-wata ba ya cika fom ya nemi a sauke. Ranar Talata 12 ga Nuwamba na tashi na tarar bidiyo babu, ga sitiraik na kofirait.

A nan babu maɓallin Appeal irin na can. Zaɓi uku ne gabanka: ka haƙura ka yi ɗan darasin da suke kira Copyright School ka jira kwana 90 sitiraik ɗin ya faɗi, amma bidiyon ba zai dawo ba, ko ka nemi mai ƙarar ya janye, ko ka tura counter notification. Janyewar ita ce mafi sauri nesa ba kusa ba, don da zarar ya janye daga nasa Studio ɗin magana ta mutu, kuma a bayanan sitiraik ɗin za ka ga sunan mai ƙarar da inda za ka tuntuɓe shi. Idan mutumin mai jin magana ne fara da nan. Nawa kwana biyu ina kira yana kashewa, na haɗa shi da wani babban yayanmu ma bai saurara ba, sai na ce to bari a bi doka.

Shi counter notification ba roƙo ba ne, takardar shari'a ce a ƙarƙashin dokar Amurka ta DMCA ta 1998. Za ka sa cikakken sunanka na gaskiya, adireshin gida, lambar waya, ka yi rantsuwar cewa kuskure aka yi wajen saukewa, ka kuma amince a iya kai ka kotu a kai. Duk waɗannan bayanan za a miƙa wa wanda ya kai ƙararka, ka san da wannan tun yanzu, musamman idan wanda kuke da tsama ne. Ni na fara turawa ranar Alhamis 14 ga wata, na yi wauta na sa sunan tasha a wajen sa hannu maimakon sunana, aka dawo min da shi. Washegari Juma'a na gyara, na rubuta a taƙaice cewa ni na ɗauka da wayata ranar kaza, ainihin fayilolin suna hannuna, ni na tura masa guntayen kuma ban ba shi mallaka ba. Ranar Litinin 18 ga Nuwamba imel ya zo cewa sun miƙa masa.

Daga ranar miƙawar nan ake fara ƙirge, ba daga ranar da aka sauke ba, ba kuma daga ranar da ka tura ba. Mai ƙara yana da kwana 10 na aiki ya kawo shaidar cewa ya shigar da kai kotu, in bai kawo ba a mayar da bidiyo a goge sitiraik. Ni da na ga 10 sai na ƙirga da yatsu na ce 28 ga wata, na ma faɗa wa mutane a sitatus cewa ranar Alhamis zai dawo. Alhamis ta zo ta wuce shiru, na shiga damuwa ina tunanin ko ya je kotun da gaske. Ashe kwanakin aiki na Amurka ake nufi, ban da Asabar ban da Lahadi ban da ranakun hutunsu, kuma 28 ga Nuwamban nan ita ce ranar Thanksgiving ɗinsu a shekarar. Ƙirga ka gani: 19, 20, 21, 22 huɗu ke nan, 25, 26, 27 bakwai, a tsallake 28, 29 takwas, 2 ga Disamba tara, 3 ga Disamba goma. Ranar Laraba 4 ga Disamba na buɗe Studio bayan asuba na ga bidiyon ya dawo da duk masu kallonsa da kwament ɗinsa, jan rubutun ya ɓace. Daga saukewa zuwa dawowa kwana 22, a ciki kwana uku ni na ɓata su da kaina wajen kiran waya da kuskuren suna.

Abin da ba zan ɓoye maka ba, wannan hanyar ta mai gaskiya ce kawai. Idan yankin fim ka sa, ko waƙar wani, ko wasan ƙwallo da ka naɗa daga talabijin, rubuta "ba ni na mallaka ba" a ƙasan bidiyo ba hujja ba ce, sayen waƙar ko ambaton sunan mawaƙin ma ba hujja ba ce. Kar ka je ka yi rantsuwar ƙarya ka kuma miƙa wa kamfani adireshinka da hannunka. Ko ka lallaɓa su janye, ko ka cinye kwana 90 ɗinka kana taka-tsantsan, don uku irinsa suka taru tashar ce za ta tafi gaba ɗaya.

Sai wani abu da yake ruɗa mutane da yawa, wani zai ce an sauke masa bidiyo alhali Content ID ne, wato tsarin YouTube mai gano kayan wasu a cikin bidiyo da kansa, ya toshe shi, bidiyon yana nan a Studio ba a dai iya kallonsa, kuma babu sitiraik. Shi wannan agogonsa daban ne: ka tura dispute mai haƙƙin yana da kwana 30 ya amsa, in ya yi shiru toshewar ta faɗi da kanta, in ya ƙi amincewa kai kuma ka ɗaukaka ƙara yana da kwana 7. Sai dai in ka matsa har matakin ƙarshe kuma ba ka da gaskiya zai iya mayar da shi cikakkiyar buƙatar saukewa, ka tashi daga toshewa ka koma sitiraik, an je neman ƙiba an samo rama.

Tunda ka ce afil ka danna, ina kyautata zaton na dokokinsu ne ba kofirait ba, in haka ne ƙara musu kwana biyu uku kar ka taɓa komai a bidiyon. Ka turo mana hoton abin da aka rubuta a ƙarƙashin Restrictions ɗin, ka rufe sunanka da imel ɗinka, in gani ko gargaɗi ne ko sitiraik.