Na biya kafin wa'adi, me ya kawo kuɗin ruwa?

"Malam, atamfa nake sayarwa a Kasuwar Sheikh Gumi. Na sari kayan naira 600,000 da katin bashi, an ce kwana 45 babu ruwa. Na biya 60,000 da suka rubuta tun kafin ranar wa'adi, sai ga ruwa a takardata. Da na makara kwana biyu a wani watan kuma suka ɗora tara. Wannan ba cuta ba ce?"

Alhaji, ba a cuce ka ba, layin da bai kamata ba ka karanta. Wannan 60,000 ita ce `Minimum Payment`, wato mafi ƙarancin abin da za ka biya a wata, kuma aikinta ɗaya ne: ta tsare ka daga tarar jinkiri. Ba ta hana ruwa. Rangwamen kwanakin nan na wanda ya biya `Statement Balance` ne, wato dukan bashin da ke takardar wata, gaba ɗaya kafin `Due Date`, ranar wa'adin biya. Ko dubu biyar ka rage, ka fita daga cikinsu.

Kwana 45 ɗin ma ba kowane saye ke samun su ba. A ce ana rufe lissafi ranar 30 ga wata, a biya ranar 15 ga na gaba. Wanda ya sari kaya ranar 2 yana da kwana 43, wanda ya sara ranar 28 kwana 17 kawai ya samu.

Mu ƙaddara ruwan katinka kashi 3 cikin ɗari ne a wata. Ragowar 540,000 tana cin kusan naira 540 kullum, har ranar Lahadi da rumfa take rufe, wato wajen 16,200 a wata. Wasu bankunan ma daga ranar da ka sari kayan suke fara ƙirga, shi ya sa adadin kan wuce lissafinka. Abin da ya fi ciwo, muddin akwai ragowa, sabon kayan da ka saya da katin ba shi da rangwame. Ka ƙaro na 200,000 yau, yau ɗin zai fara cin naira 200.

Na taɓa zama da wani mai kayan gyaran mota a Panteka, ya zazzage mini takardun wata bakwai daga leda, wasu ko buɗewa bai yi ba. Kowane wata yana biyan mafi ƙaranci yana murna, ga shi yana cirar tsabar kuɗi da katin a na'ura, abin da ba shi da rangwame ko na kwana ɗaya. Ribar da yake taƙama da ita, banki yake yi wa dako.

Tara kuwa laifinka ne. Ranar da kuɗin ya shiga asusun katin ake dubawa, ba ranar da ka tura ba, don haka ka riƙa biya saura kwana uku.

Yanzu ka ajiye katin a gida. Karya farashin atamfar da ta daɗe a rumfa, ka tambayi bankin cikakken bashinka na ranar, ka biya duka. Ka duba takardar wata mai zuwa, kana iya ganin ɗan guntun ruwan kwanakin ƙarshe. Share shi ma kafin ka sake sari da katin.