A rubuta farashi da kuɗin mota a jikin talla, ko a bari sai an tambaya?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a nan Kano, ina ɗora hotuna a sitatus da Facebook. Mutane na tambayar kuɗi, amma da na ambaci kuɗin mota sai su yi shiru. Wasu kuma sun ce kada in rubuta farashi, wai masu irin sana'ata za su gani su karya nasu. Don Allah yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa neman albarka. Na daɗe ina sarin atamfa a Kantin Kwari ina aikawa garuruwa, kuma abin da zan gaya miki sai da na yi asara kafin na koye shi. Ki rubuta farashinki. Mai irin sana'arki da ke son sanin nawa kike sayarwa, ƙanwarta kawai za ta sa ta tambaye ki, cikin minti biyu ta ji. Wadda kike ɓoye wa a zahiri ita ce mai saye, wadda ke jin nauyin ta tambaya sannan ta ce ya fi ƙarfinta, sai ta wuce ba ki ma san ta zo ba. Ko dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 cewa ta yi kada a baje kaya ba tare da an nuna farashinsu ba.

Amma shirun da ake yi miki ba daga farashin atamfar yake ba. Mace ta ga 18,000, ta lissafa abin da ke hannunta, ta ga ya isa, har ta fara tunanin ɗinkin da za a yi mata. Sai a ƙarshe ki ce akwai wata 4,000 ta aike. Ko da kuɗin gaskiya ne, a ranta ji take an ƙara mata bayan an gama ciniki. Da tun farko 22,000 ta gani, ko dai ta yarda ko ta wuce, babu ɓacin rai.

Bari in ba ki abin da ya same ni. A da ina rubuta "muna aikawa ko'ina" a ƙarƙashin hotunana, shi ke nan. Wata baiwar Allah daga Kaduna ta ɗauki turmi biyu, ta turo 36,000. Na biya ɗan sahu 1,000 ya kai kayan tashar Unguwa Uku, aka ba direba, muka yi da shi idan ya isa za a ba shi 3,000. Ni a wajena abu ne sananne, mai karɓar kaya shi ke sallamar direba. Ita kuwa da ta karanta "muna aikawa", ta ɗauka har kuɗin mota yana ciki. Direba ya isa da yamma ya kira ta, ta ce ba ta san da zancen ba, shi kuma ya ce ba zai saki kaya ba. Kayan suka kwana a but ɗin mota, washegari suka dawo Kano. Sai da na biya zuwa da dawowa, na sake biyan wani aiken, ribar turmi biyun ta tafi har da ɗoriya. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Rubutuna ne bai faɗi wanda zai biya ba.

Tun daga ranar na daina barin mai saye ta haɗu da direba a kan maganar kuɗi. Ina haɗa kuɗin kai kaya tasha da na mota su zama adadi ɗaya, in karɓa tare da kuɗin kaya, in biya direba tun a nan Kano, in gaya mata ko sisi ba za ta ba kowa ba. Ga yadda tallana yake yanzu, adadin misali ne, ke ki sa naki:

Atamfa, turmi ɗaya (yadi 6): ₦18,000
Aike a cikin Kano: ₦1,500, har ƙofar gida
Kaduna da Katsina: ₦4,000, a karɓa a tasha
Turmi 1 zuwa 3 kuɗin aike ɗaya ne
Biya: tiransifa kafin a tura kaya. A cikin Kano ana iya biya idan kaya sun iso
Farashin wannan makon ne

Ki lura da "a karɓa a tasha". Wannan 'yar maganar ta kashe min rigima da yawa, domin matar da ba ta cika fita ba tana bukatar ta san za ta nemi wanda zai je ya karɓo mata, kuma shi ma sai ya hau abin hawa. Layin turmi ɗaya zuwa uku kuwa ciniki yake jawowa: idan mace ta ga 4,000 ce ko ɗaya ko uku, sai ta nemi ƙawarta ko maƙwabciya su haɗa. Garin da ba ki taɓa aikawa ba, kada ki yi kintace. Ki riƙe lambar wani ɗan kamasho a tashar da motocin can ke lodi, ki tambaye shi tukuna, domin kuɗin mota yana bin kuɗin mai, kuma gab da Sallah ƙaruwa yake yi.

Wani abu kuma, ki rubuta farashin a jikin hoton kansa, ba a ƙasansa kaɗai ba. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, amma hoto yana yawo daga waya zuwa waya, sau da yawa ba tare da rubutun da ke ƙasa ba. Shi ya sa nake sa kwanan wata kusa da kuɗin, don idan aka kawo min hoton wata uku da suka wuce, ranar tana jiki, ba sai mun yi musu ba.

A maganar biya, asusu ɗaya nake amfani da shi, kuma ina faɗin sunan da zai fito idan an sa lambar. Idan asusun maigidanki ne ko na yayanki, ki faɗa tun kafin a tambaya. Mace ta sa lamba goma ta ga sunan namiji ya fito alhali da mace take magana, hannunta zai yi sanyi, kuma tana da hujja, don an cuci mutane da yawa ta haka. Mai turowa ta wajen mai POS kuma, ki gaya mata cajin nata ne, abin da ya shigo miki ya zama cif 22,000. Lambar asusun kanta ba na sa ta a talla. Sai mun tabbatar kalar da take so tana nan, sannan in aika mata saƙo ɗaya mai ɗauke da kuɗin kaya, kuɗin aike, jimla da lambar, don kada ta biya kuɗin abin da ya riga ya ƙare.

Kada ki tura kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat. Ki buɗe manhajar bankinki, ki ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. Idan an ce an tura ba ki gani ba, ki ba da haƙuri cikin mutunci, ki ce kayan suna nan a ajiye da sunanta har kuɗin su shigo. Da sun shigo, ki kai tasha, ki tura mata lambar wayar direba da lambar motar, ki rubuta sunanta da lambarta a jikin ledar da babban rubutu.