Furofozal ɗin rumbun bayanan famasi: ina za a sa yawan magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, an ce in kawo furofozal kan rumbun bayanan kayan famasi, iya tattara buƙatu da zanen farko, ban da rubuta manhaja. Na yi tebur ɗaya mai sunan magani, farashi, yawa da ranar lalacewa, amma malamina ya dawo min da shi, wai ban fahimci aikin ba. Ina matsalar take? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminki yana da gaskiya. Ranar lalacewa ba ta magani ba ce, ta bac ce, wato rukunin da kamfani ya sarrafa a lokaci guda ya buga masa lamba ɗaya. Ɗauki kowane kwalin magani ki juya shi: za ki ga lambar rajistar NAFDAC, wadda ta samfurin ce gaba ɗaya, sannan ki ga lambar bac da ranar sarrafawa da ranar ƙarewar wa'adi, waɗanda ke canzawa daga wannan kawowa zuwa wancan.

Bari mu bi misali. A ce famasin yana da amoksisilin mai miligiram 500, fakiti uku suka rage, kowane fakiti kati goma, kowane kati ƙwaya goma. Ƙwaya 300 ke nan, wa'adinsu Maris 2027. Sai dila ya kawo sabon fakiti ashirin, ƙwaya 2,000, wa'adinsu Nuwamba 2027, kuma da farashin sari daban. A teburinki yawa zai koma 2,300, to wace rana za ki rubuta? In kika sa Nuwamba, ƙwaya 300 ɗin nan sun ɓuya, za su lalace a kan kanta ba tare da tsarin ya ce uffan ba. In kika bar Maris, tsarin zai yi ƙarya a kan 2,000. Haka ma ranar da NAFDAC ta fitar da sanarwar janye wani magani, sau da yawa da lambar bac take ambatonsa, kuma teburinki ba shi da inda zai neme ta.

Don haka magani abu ɗaya ne a zanenki, bac wani abu ne daban, kuma magani ɗaya yana iya samun bac da yawa. Yanzu ki ƙara wannan: wani asibiti ya aiko a ba shi kati 35, ƙwaya 350. Ƙa'idar famasi ita ce a fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa, ko da shi ya zo daga baya. Za a kwashe 300 na Maris, a cika da 50 daga na Nuwamba. Kin ga ciniki ɗaya ya taɓa bac biyu, kuma bac ɗaya zai shiga cinikai masu yawa. Wannan ne ya sa nake ba ɗalibai shawara kada su ajiye yawa a matsayin lamba guda da ake gogewa ana sake rubutawa. A rubuta kowane motsi: shigowa, sayarwa, dawowa, fashewa, zubar da wanda ya lalace, gyara bayan ƙidaya. Abin da ya rage shi ne jimillar motsin. Ran da aka ƙirga kanta aka ga 1,930 maimakon 1,950, akwai sawun da za a bi a gano inda kati biyu suka shiga. Ƙashin zanen zai yi kama da haka:

```
MAGANI  1 --- N  BAC
DILA    1 --- N  KAWOWA
KAWOWA  1 --- N  MOTSI
CINIKI  1 --- N  MOTSI
BAC     1 --- N  MOTSI
```

Ki lura da ma'auni, don a nan lissafi ya fi rikicewa. Famasi yana sara da katan ko fakiti, yana sayarwa da kati, wani lokaci har da ƙwaya. Ki zaɓi mafi ƙanƙantar abin da ake sayarwa ki riƙa ƙirga komai da shi, ki ajiye adadin da ke cikin kati da fakiti a jikin kowane samfuri, tunda ba duka ne goma-goma ba. Sirof kuwa kwalba ce ma'auninsa. Kuma amoksisilin mai 250 da mai 500 da na ruwa, magunguna uku ne a rumbun, ko da sunansu ɗaya.

Duk wannan ba a zaune a ɗaki ake gano shi ba, shi ya sa rabin furofozal ɗinki ya kamata ya tafi kan yadda za ki tattara buƙatu. Ki samu famasi ɗaya na gaske, da takardar gabatarwa daga sashenku. Ki yi magana da mai famasin ko ƙwararren da ke kula da shi, da mai tsayawa a kanta, da mai karɓar kaya a sito, kowa shi kaɗai, domin abin da maigida yake zaton ana yi ba lallai shi yaran shago suke yi ba. Kada ki tambaye su me suke so manhaja ta yi, za su ce komai. Ki ce: "Ranar da kuka tarar da magani ya lalace a kanta, yaya aka yi, wa ya rubuta, a ina?" Ki roƙi ganin rasitin dila, katin sito da littafin ciniki, ki ɗauki hoto bayan an rufe sunayen marasa lafiya. In suna ajiye littafi na musamman don magungunan da doka ta tsaurara, ki duba ginshiƙansa, don yana iya ƙara miki buƙatar sunan likitan da ya rubuta. Ni a ganina yini guda na tsayuwa a bayan kanta ya fi takardar tambayoyi hamsin amfani a irin wannan aiki, saboda masu amfani da tsarin ba su fi mutum uku ko huɗu ba.

Kowace buƙata ki rubuta ta yadda za a iya gwada ta. "Tsarin zai kula da lalacewar magani" ba buƙata ba ce. "Tsarin zai fitar da jerin duk bac da wa'adinsa zai ƙare cikin kwana 90, da adadin da ya rage a kowanne" ita ce buƙata, kuma kwana 90 ɗin daga bakin mai famasin za ki ji shi, in ya ce 180 ki sa 180. Ki ba kowace buƙata lambarta, ki rubuta wanda ya faɗa miki ita.

Sauran sassan ba su da wuya. Matsala a sakin layi ɗaya, daga abin da kika gani da idonki. Iyaka ki faɗe ta ƙarara: babu tarihin marasa lafiya, babu albashi, babu rubuta manhaja. Abin da za ki miƙa uku ne: takardar buƙatu, zanen abubuwa da alaƙoƙinsu irin wanda Peter Chen ya gabatar a 1976, da ƙamus mai bayyana ma'anar kowane suna. Kada ki ambaci MySQL ko tsawon kowane gurbi, wannan na mataki na gaba ne. Manhajar draw.io kyauta ce kuma ta isa yin zanen.

A jadawalinki ki ware mako guda na komawa famasin da zanen a hannu. Ki ɗauki rasitin dila na gaske da shafi ɗaya na littafin ciniki, ki bi su layi-layi. Duk abin da ke kan takarda da bai sami mazauni a zanen ba, kamar kyautar fakiti ɗaya da dila ya ɗora ko maganin da aka bayar bashi, ko dai ki ƙara masa wuri, ko ki rubuta a sashen iyaka cewa kin bar shi da gangan, tare da dalilinki.