Jerin hotunan sanarwar taron ƙungiya: me za a sa a kowane shafi?

"Salamu alaikum 'yan uwa. An ɗora mini rubuta sanarwar taron ƙungiyarmu ta ɗalibai a Jami'ar Danfodiyo da ke Sakkwato, irin jerin hotunan nan da ake gogawa a Instagram. Akwai rana, masu jawabi uku da rajista. Ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Shekara biyu na riƙe wannan aiki a tamu ƙungiyar, kuma abin da na koya da wuya shi ne, hotunan nan ba sa tafiya tare. Mutum zai ɗauki guda ɗaya ya sa a WhatsApp, sauran su zauna inda ka bar su. Karon farko na ɓoye ranar taro a shafi na biyar, wai sai an goga an gani. Shafin farko kaɗai ya zaga gari, na kwana ina amsa "yaushe ne?" da "a ina ne?"

Saboda haka ka ja siririn layi a ƙasan kowane shafi, mai ɗauke da rana, lokaci da wuri. Ka rubuta sunan ranar da kwanan wata tare, misali Asabar 14 ga wata, ƙarfe 10 na safe. Kada ka rubuta "gobe", don hoton zai yi mako yana yawo. Wurin ma ka fayyace: matsugunin dindindin ne ko harabar cikin gari? Wanda zai taso daga Mabera sai ya lissafa kuɗin mota da lokacin fita.

Shafi shida sun ishe ka. Na farko taken taro da sunan ƙungiya, kalmomi kada su wuce goma. Na biyu abin da mai zuwa zai samu, jimla biyu. Sai masu jawabi, kowa da shafinsa: hoto, suna, muƙami, da batun da zai yi magana a kai. A nan ka yi taka-tsantsan. Ka tura wa kowanne shafinsa ya gani kafin ka saki, domin mun taɓa rubuta wa wani Farfesa "Dakta", kuma Instagram ba ya bari a musanya hoto bayan an ɗora. Sai da muka goge duka muka sake, bayan shugabanmu ya je ban haƙuri har ofis.

Na ƙarshe rajista. Linki a kan hoto ba ya dannuwa, na cikin rubutun bayani da ke ƙarƙashin hotunan ma haka, don haka ka sa na Google Forms a bio, ka rubuta hakan ƙarara. Ka faɗi ko kyauta ne, da ranar rufewa, da lambar mutum ɗaya da zai ɗaga waya.

Girman 1080 × 1350 nake amfani da shi a Canva. Kafin ka saki, buɗe shi a ƙaramar waya ka fita tsakar rana; in ka kasa karanta layin ƙasan, ƙara masa girma.