Hukuncin Ɗaukar Yaran Gareji Ba Tare da Yanke Ranar Yaye Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni bakanike ne a Tudun Wada, Kaduna. Ina so in yi wa garejina rajista da CAC, in riƙa ɗaukar yara da takarda. Kowane yaro zai biya naira 90,000, ya yi mini aiki ba albashi, sai ranar da na ga hannunsa ya faɗa in yaye shi. Wani ya ce ba komai, tunda haka aka saba. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya sa wa sana'ar albarka. Rajista halal ce, karɓar kuɗin koyarwa ma halal ne. Har biyan koyarwa da aikin yaron malamanmu na Malikiyya sun halatta, amma da suka kawo mas'alar sun ɗaure ta da wa'adi, suka buga misali da shekara guda daga ranar da aka karɓi yaron. A nan tsarinka ya sami matsala, wato maganarka ta "sai ranar da na ga hannunsa ya faɗa".

Wannan ƙulli ijara ce. Kai kana sayar da koyarwa, shi yana biya da kuɗi da gumi. Kuɗin an san adadinsa, gumin kuwa ba a san iyakarsa ba, kuma kai da kake cin moriyar jinkirin kai ne mai yanke ranar. Wannan jahala ce mai ɓata ijara, don haka a yadda ka siffanta bai halatta ba sai ka gyara.

Shi wanda ya ce maka al'ada ta wadatar, ya riƙo ƙa'ida ta gaskiya ya ajiye ta inda ba gurbinta ba. Al'ada tana zama hujja ne idan ta cike abin da aka yi shiru a kai, ta yadda kowa ya san shi ko ba a faɗa ba. To ka zaga kasuwar Panteka ta Kaduna ka tambayi masu gareji shekara nawa ake yaye yaro, ka ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Abin da masu sana'ar kansu ba su daidaita a kai ba, ta yaya zai zama sharaɗi sananne ga uban yaro? Za a ce ai uban ya yarda. Yarda ba ta halatta garari, kuma ya yarda ne yana zaton wani adadi a ransa, kai kana da wani a naka. Za a kuma ce yara sun bambanta wajen kaifin kai. Haka ne, amma maganinsa a sa wa'adi da gwaji, in yaro ya faɗi a ƙara masa wata shida da sabuwar yarjejeniya. Kuma mu ji tsoron Allah, yaron da ya fi iya sauke inji shi ne wanda maigida ya fi jin nauyin sakinsa.

Ga yadda za ka rubuta. Wa'adi shekara 3, da ranar farawa da ta gamawa. Shekarar farko sanin sifanu, juyen baƙin mai da gyaran birki. Ta biyu kulochi da giya. Ta uku sauke inji, haɗa shi, da gano cutar mota kafin a kwance ta. Ku rubuta cewa kowace shekara naira 30,000 ce. Idan an biya duka, sannan kuka rabu da yardar juna bayan shekara ɗaya, ka mayar da 60,000. Yaron da bai balaga ba waliyyinsa ne zai sa hannu, da shaidu biyu. Aiken gida da wanke motar maigida ba sa cikin ƙullin.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Idan yaro ya manta bai ɗaure notin baƙin mai ba, inji ya buga, kai mai mota zai bi, domin kai ka karɓi aikin, kuma mai sana'a yana lamunin abin da aka ba shi gyara. Yaron da ke ƙarƙashinka amintacce ne, ba ka cire asarar daga kuɗinsa sai in ya yi ganganci ko sakaci bayyananne, kamar ɗaukar motar mutane ya tafi yawo.

Sannan ka sani rajistar CAC sunan kasuwanci take tabbatarwa, ba shaidar ƙwarewa ba ce. Ka tura yaranka gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake farawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya, kai ma ka zauna in ba ka da shi. Takardar yaye da za ka sa wa hannu shaida ce. Miƙa ta ga wanda bai iya gyaran birki ba, shaidar zur ce, kuma rayukan mutane ne a kan hanyar Zariya. Ka bar musu lokacin salla da na makaranta, ka rubuta shi cikin takardar don kada ranar da aiki ya yi yawa ka ci shi.

Wallahu a'alam.