Sukari yana daskarewa kafin ya yi ja

"Ina narka sukari don karamel na kek, sai ya koma ƙanƙara fara a tukunya. Ina matsalar take?"

Hajiya, cokali ne yake ɓata miki. In kin zuba ruwa a sukarin, juyawa ta ƙare da zarar ya fara tafasa, domin ƙwaya ɗaya da ta faɗo daga gefen tukunya ta isa ta daskarar da sauran. A kofi 1 na sukari sa rubu'in kofi na ruwa da rabin ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami, ki rufe minti 2 tururi ya wanke gefen, sannan ki buɗe ki bar shi har ya yi kalar zuma.

Ni dai na fi son na busasshe. Ki barbaɗa sukari zalla a tukunya mai kauri, wuta kaɗan, in gefe ya narke ki jawo shi tsakiya. Ba kasafai yake daskarewa ba, saurin ƙonewa ne aibinsa, balle a kan gawayi.

Zafinsa yana kai digiri 170, kuma manne wa fata yake, kada ki ɗanɗana da yatsa. In za ki sa madara a karamel ɗin, mai ɗumi za ki zuba, kaɗan-kaɗan, don bori yake yi. In karamel ɗin ya taɓa ki, sa wurin a ruwan sanyi minti 20.